Tambayoyi da amsoshi kan furojet ɗin ajin ƙarshe na kimiyyar kwamfuta da zai yi wa ƙaramin ɗan kasuwa amfani

Waɗannan tambayoyin su ne ɗaliban ajin ƙarshe suke ta maimaitawa duk shekara idan lokacin zaɓen tofik ya zo. Na tattara su wuri guda, kuma na fi tsayawa kan misali ɗaya, wato manhajar lissafin kayan shago, saboda a nan aka fi yin kuskure kuma a nan aka fi samun abin koyo.

Ina zan samo tofik ɗin da zai magance matsala ta gaske?

A shagon kansa za ka samo shi, ba a jerin tofik ɗari biyar ɗin da ake ta turawa a guruf ba. Ka nemi ƙaramin ɗan kasuwa ɗaya da zai yarda ka zauna a gefe kwana biyu ko uku kana kallo, ka tafi da biro da takarda kawai, laftof ɗin ka bar shi a gida. Abin da za ka sa wa ido shi ne littafin da yake rubutu a ciki, da lokacin da ya tsaya yana fama da kalkuleta, da lokacin da kwastoma ya tambayi abu aka shiga ciki aka fito aka ce ai ya ƙare, alhali jiya an ce akwai.

Kuma kar ka tambaye shi wai wace irin manhaja yake so, zai ce maka ko wacce ma, don ya faranta maka rai. Tambaye shi yaushe rabonsa da ya yi asara kuma me ya jawo ta, da wane aiki ne yake hana shi rufe shago da wuri. Idan ya yarda ka ɗauki hoton shafi biyar ko shida na littafin nan (ka rufe sunayen mutane) to ka samu rabin tsarin databes ɗinka, don layukan da ya ja da hannunsa su ne bayanan da ya damu da su.

To waɗanne irin matsaloli ne suka isa furojet kuma ɗalibi ɗaya zai iya gamawa?

Wanda na fi ba da shawara shi ne lissafin kaya, me ya shigo, me ya fita, saura nawa, kuma yaushe ya kamata a saro. Na biyu littafin bashi, wa ake bi, tun yaushe, nawa ya biya daga ciki. Akwai kuma bin sawun aikin da aka karɓa, irin na tela ko mai gyaran waya, inda matsalar ita ce an yi wa mutum shida alkawarin rana ɗaya kuma ba a san kayan wa ke ina ba. Shagon da ke sayar da kaya masu wa'adin lalacewa shi ma yana da tasa, a san wanne zai fara ƙarewa a fara sayar da shi.

Ɗaya za ka ɗauka. Ɗalibin da ya rubuta a furofozal cewa manhajarsa za ta yi lissafin kaya da bashi da albashin yara da kasuwar intanet da kai kaya gida, yawanci shafin shiga da fasuwod kawai yake gamawa da kyau, sauran duk maɓallai ne da ba sa komai. Wanda ba na so gaba ɗaya shi ne dandalin da zai haɗa duk 'yan kasuwa da duk masu saye, don ba ya aiki sai mutane da yawa sun shiga, kai kuma ba ka da hanyar kawo su kafin difens.

Sufabaiza ya ce manhajar lissafin kaya kowa ya yi ta, yaya zan sa ya karɓa?

Gaskiyarsa ne, ya ga irinta ta fi a ƙirga, kuma kusan duka abu ɗaya ne, fom na saka kaya, fom na gogewa, da tebur mai nuna su. Abin da zai sa ya ɗago kai shi ne ka kawo masa wahala takamaimai wadda ka gani da idonka. Misali shagon yana saro kaya a kwali yana sayarwa ɗaiɗai, mutum biyu ne ke sayarwa kowa da wayarsa, intanet yana zuwa yana ɗaukewa, kuma duk ƙarshen wata abin da ke littafi ba ya daidai da abin da ke kan kanta.

Yanzu ka ga akwai kimiyyar kwamfuta a ciki, akwai tsara databes, akwai daidaita bayanai tsakanin na'urori biyu ba tare da an rasa komai ba, akwai kuma abin da za a iya aunawa. Sai tofik ɗin ya zama wani abu kamar manhajar lissafin kaya mai aiki ba intanet wadda ke daidaita wayoyi biyu, an gwada ta a shago na tsawon mako huɗu. Yadda za a yi daidaitawar da yadda za a yi awon duk suna ƙasa, kowanne da tambayarsa.

Ta waya zan yi ko ta burauza, kuma da wane yare?

Ka duba abin da ke hannun mai shagon. Idan waya ce, kuma galibi ita ce, to manhajar waya za ka yi, kuma bayanan su zauna a cikin wayar da SQLite, wanda databes ne da ke zaune a fayil ɗaya ba ya buƙatar saba, wato kwamfutar da ke can gefe tana riƙe bayanai, kuma Android da shi yake zuwa. Dalili kuwa, kwastoma yana tsaye ba zai jira sikirin ya gama juyawa ba, sau biyu kawai hakan zai faru mai shago ya koma littafinsa, kuma ba zai faɗa maka ba.

Batun yare kuma, wanda ka riga ka iya. Idan ka saba da Kotlin ko Java ka yi da Room a kan SQLite, idan Flutter ka taɓa yi ka ci gaba da shi. Shekarar ƙarshe ba lokacin koyon sabon abu daga tushe ba ne sai dai in dole. Kuma ka gwada a tsohuwar waya mai ƙaramin sikirin da cikakkiyar ma'ajiya, ba a taka mai kyau ba.

Yaya zan tsara databes ɗin? Ba tebur ɗaya ba ne mai suna da adadi?

Nan ne mafi yawa ke faɗawa rami. Ana yin tebur na kaya, a saka masa gurbin adadi, duk lokacin da aka sayar a rage, duk lokacin da aka saro a ƙara. A ranar difens yana aiki sumul. A shago kuwa, ranar da manhaja ta ce saura 36 aka ƙirga aka ga 33, mai shago zai tambaye ka ina ukun suka tafi, kai kuma ba ka da amsa, saboda duk lokacin da ka sauya lambar ka binne ta baya.

Abin da ya fi shi ne kar ka ajiye ragowar kwata-kwata, ka ajiye motsin kaya. Duk abin da ya faru layi ne sabo, shigowa lamba mai ƙari, fita lamba mai ragi, da dalili, da wanda ya shigar, da lokaci. Ba a goge layi kuma ba a gyara shi, idan an yi kuskure sai a ƙara wani layin da zai warware shi, kamar dai yadda akanta ke yi tun kafin a san kwamfuta.

```sql
CREATE TABLE motsi (
  id TEXT PRIMARY KEY,
  kaya_id TEXT NOT NULL,
  adadi INTEGER NOT NULL,
  dalili TEXT NOT NULL,
  mai_shigarwa TEXT NOT NULL,
  lokaci TEXT NOT NULL
);

SELECT COALESCE(SUM(adadi), 0) FROM motsi WHERE kaya_id = ?;
```

Ragowar kaya tana fitowa ne daga tara layukan. `COALESCE` ɗin nan ba ado ba ne, idan kaya sabo ne ba shi da layi ko ɗaya `SUM` zai dawo da `NULL` ba sifili ba, kuma na sha ganin manhaja ta rufe kanta a kan wannan kaɗai. Kar ka ji tsoron nauyi, shagon da ke shigar da layi 200 a rana zai tara 73,000 ne a shekara, wannan ba komai ba ne a wurin SQLite in dai ka sa `INDEX` a kan `kaya_id`. Wani abu kuma, duk inda kuɗi ya shigo ka ajiye shi a `INTEGER` da mafi ƙanƙantar rukunin kuɗin, kar ka yi amfani da `REAL`. In kana shakka buɗe Python ka rubuta `0.1 + 0.2` ka ga `0.30000000000000004`.

A ba mu misali da lambobi mana, yaya abin yake tafiya a mako guda?

Mu ɗauki ƙwan fitila, ana saro shi a kwali mai guda 24 ana sayarwa ɗaiɗai. Doka ta farko, databes ƙwai ɗaiɗai kawai ya sani. A teburin kaya ka ajiye cewa kwali ɗaya 24 ne, idan mai shago ya danna kwali 2 manhajar ce za ta mayar da shi 48 kafin ta rubuta. Idan ka bari wani layin yana nufin kwali wani yana nufin guda, lissafin ya mutu tun ranar farko kuma ba za ka gane ba sai an yi nisa.

Ranar Litinin da safe aka ƙirga aka samu 30, wannan shi ne layin farko, +30, dalili ƙidayar farko. Talata aka kawo kwali biyu, +48, sun zama 78. Daga Litinin zuwa Asabar an sayar da 41 a layuka daban-daban, saura 37. Laraba yaron shago ya saki biyu suka fashe, −2 da dalilin fashewa, saura 35. Juma'a wani ya dawo da ɗaya lafiya lau saboda bai shiga mazaunin fitilarsa ba, +1, saura 36. Asabar da dare aka sauke na kan kanta aka ƙirga, 33.

Abin da manhajar za ta yi a nan shi ne ta karɓi 33 ɗin, ta rubuta sabon layi −3 da dalilin gyaran ƙidaya, ba ta taɓa komai na baya ba. Kuma wannan −3 ɗin shi ne abu mafi daraja a furojet ɗin gaba ɗaya, don idan aka tara irinsa na mako huɗu za a ga ko kaya ɗaya ne ke ɓacewa kullum, ko kuma a ranakun cunkoso ne ake manta shigarwa. Ka yi hankali da yadda za ka rubuta rahoton, ka ce bambanci, kar ka ce sata. Sau da yawa mantuwa ce, kuma idan yaron shago ya fahimci cewa manhajarka ɗan sanda ce aka kawo masa zai daina shigar da komai, shi ke nan gwajinka ya ruguje.

Ina so manhajar ta riƙa faɗa wa mai shago lokacin saro kaya, sai na yi lissafin hasashe mai zurfi?

A'a, lissafi mai sauƙi ya isa kuma ya fi dacewa da ɗan bayanan da kake da su. Ka nemo matsakaicin abin da ake sayarwa a rana, ka ninka da kwanakin da dila ke ɗauka kafin kaya su iso, ka ƙara ɗan na ko-ta-kwana. A misalin ƙwan fitila na sama, 41 a kwana 6 kusan 7 ke nan a rana. Idan kaya na ɗaukar kwana 4 kafin su iso, 28 za a sayar ana jira, ka ƙara na kwana biyu 14, ya zama 42. Duk ranar da ragowa ta sauko 42 ko ƙasa sai manhaja ta yi magana, ka ga 33 ɗin da aka ƙirga ranar Asabar ma an riga an makara.

Akwai tarko a ciki. Idan kaya ya ƙare kwana uku, cinikin kwanakin sifili ne, ba don ba a nema ba sai don babu, idan ka haɗa su a matsakaici lambar za ta sauka, manhaja ta ce a saro kaɗan, ya sake ƙarewa, ta sake ragewa, haka abin zai yi ta zagayawa. Ka cire ranakun da ragowa take sifili daga lissafin, kuma tsarin motsi da aka yi bayani a tambayar databes shi zai ba ka damar gane ranakun. Fashewa da gyaran ƙidaya su ma ba ciniki ba ne, `dalili` ɗin zai tace maka su. Da bayanan mako huɗu ba ka isa ka ce ka gano yadda ciniki ke hawa da sauka a shekara ba, ka rubuta hakan a iyakokin aikin da kanka kafin a tambaye ka.

Idan mutum biyu suna sayarwa da wayoyi biyu babu intanet fa, ba za su rikice ba?

Da tsohon tsarin adadi ɗaya za su rikice. A ce wayoyin biyu duk suna ganin 36, ta farko ta sayar da 2 ta rubuta 34, ta biyu ta sayar da 3 ta rubuta 33, intanet ya dawo kowacce ta tura tata, wadda ta iso ƙarshe ta danne ɗayar, saba ta ce 33 ko 34 alhali gaskiya 31 ce. Da tsarin motsi kuwa ta farko −2 za ta tura, ta biyu −3, ko wacce ta riga isowa jimla ɗaya ce.

Abu biyu za ka kiyaye. Na farko lambar `id` kar ta zama mai ƙirga 1, 2, 3, don wayoyin biyu duk za su haifi layi na 57. Ka yi amfani da UUID, lamba ce mai bit 128 da kowace waya ke ƙirƙira da kanta kuma a aikace ba sa karo. Na biyu, wani lokacin waya za ta tura layi saba ta karɓa amma amsar ta ɓace a hanya, sai wayar ta sake turawa, idan ba ka shirya ba ciniki ɗaya ya zama biyu. Tunda `id` ɗin ɗaya ne, `INSERT OR IGNORE` a SQLite ko `ON CONFLICT DO NOTHING` a PostgreSQL zai watsar da maimaicin. Ka gwada wannan da gangan, ka kashe data ana tsakiyar turawa ka ga me zai faru, kuma ka sa gwajin a rubutunka.

Abin da wannan tsarin ba zai hana ba shi ne ragowa ta koma ƙasa da sifili bayan an haɗa bayanai, misali an sayar da kayan da aka manta ba a shigar da shigowarsu ba. Kar ka hana cinikin, kayan suna hannun kwastoma, ka bar shi ya shiga ka ɗaga jar alama a ƙirga. Agogon waya ma kar ka yarda da shi ɗari bisa ɗari, saba ta buga nata lokacin a gefe.

Barkod da firintar rasit, in saka su?

Sai ka gama na sama. Karanta barkod da kyamarar waya ba wuya, akwai ZXing da irinsa, kuma kayan kamfani galibi suna da lambar EAN-13 mai alƙaluma 13, sai dai kaya da yawa a ƙaramin shago ba su da barkod ko kaɗan, don haka neman kaya da haruffa biyu ko uku na sunansa ya fi muhimmanci. Ƙananan firintocin rasit masu takarda milimita 58 yawanci suna jin umarnin ESC/POS, suna burge kwamitin difens sosai, amma suna iya cinye maka mako biyu a faɗa da Bluetooth.

Me zan nuna a matsayin sakamako, hotunan sikirin sun isa?

Hoton sikirin yana nuna ka gina abu ne kawai, bai nuna abin ya yi amfani ba. Kafin ka kai manhajar ka auna yadda ake yi da littafi na mako ɗaya ko biyu, daƙiƙa nawa ake ɗauka a rubuta ciniki ɗaya, minti nawa rufe lissafin rana ke ci, da bambancin littafi da kanta a kaya 20 da ka zaɓa. Bayan an fara amfani da manhajar ka sake auna abubuwan nan uku daidai yadda ka yi da farko. Idan ba ka yi awon farko ba babu abin da za ka kwatanta, kuma ba a komawa baya a yi shi.

Don jin ra'ayin masu amfani akwai ma'aunin SUS da John Brooke ya fitar a 1986, tambayoyi 10 ne, maki daga 0 zuwa 100, ana ɗaukar wajen 68 a matsayin matsakaici. Amma mutum uku ko huɗu ne za su cika maka, kuma suna jin kunyarka, don haka kar ka jingina komai a kansa. Abin da ya fi shi gaskiya yana cikin teburin `motsi`, ka ƙirga layukan kowace rana ka zana, idan mako na farko ana shigar da 60 a rana na uku ya koma 9 to an koma littafi, ko me aka ce maka da baki. In haka ta faru ba faɗuwa ba ce, ka je ka zauna ka ga a wane mataki ake gajiya, galibi dannawa ce ta yi yawa kafin a shigar da ciniki ɗaya, ka rage ta koma biyu ko uku, ka sake aunawa, ka rubuta duka biyun.

Bayanan mai shagon fa, da abin da zai faru bayan na gama makaranta?

Cinikin mutum sirrinsa ne. Ka nemi izininsa a rubuce, a cikin rubutunka ka kira wurin shago na ɗaya, kuma kar fayil ɗin databes na gaske ya shiga GitHub tare da kod ɗinka, ka sa shi a `.gitignore` tun ranar farko don abin da ya shiga tarihin Git cire shi aiki ne. Ranar difens ka yi nuni da bayanan da ka ƙirƙira.

Waya kuma tana ɓata tana faɗawa ruwa, don haka dole a samu maɓallin da zai fitar da komai zuwa fayil ɗin CSV wanda Excel zai buɗe, kuma ka gwada dawo da bayanan a wata wayar a gaban mai shagon, don bakof ɗin da ba a taɓa dawo da shi ba ba ka san ko yana aiki ba. Tun farko ka faɗa masa har zuwa wane wata za ka riƙa gyara masa matsala da wa zai ɗauki nauyin saba bayan nan. Idan babu mai ɗauka, ka tabbatar waya ɗaya za ta ci gaba da aiki ita kaɗai ko an kashe sabar, sannan a watan farko ya ci gaba da rubuta littafinsa a gefe har sai ƙidaya biyu a jere sun yi daidai da abin da manhajar ke nunawa.